Wa Ke Riƙe Da Alƙalami A Mahalliyya: Magajin Gari, Manaja Ko Lajna?

 

A cikin akwatin ƙarfe da muke ajiye takardun dattijonmu akwai wasiƙa guda da muka rubuta sau uku. Buƙatar ba ta canja ba: tankin ruwan ƙauyenmu ya tsage, injin da ke tura masa ruwa ya gaji, mata da yara sun koma ɗiba daga tur'a, tare da abin da ruwan tur'a ke jawowa na tsargiya da gudawa. Abin da ya riƙa canjawa shi ne sunan da muke sa wa a saman takardar. Karon farko mun rubuta wa mu'utamad. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa hannu, kafin damina ta kewayo aka ɗauke shi, wanda ya gaje shi ya ce bai san da zancen ba. Karo na biyu mun rubuta wa mudirin zartarwa na mahalliyya, mutum mai ladabi da sanin aiki, ya buɗe mana littafin kasafi ya nuna mana cewa babu babin da zai ɗauki kuɗin, kuma ba shi da ikon buɗe sabon babi sai da yardar wilaya. Karo na uku muka bi ta lajnar unguwa, samari masu himma, suka yi zama huɗu, suka rubuta shawara mai kyau, sannan ta bayyana cewa ko fam ɗaya ba ya ratsawa ta hannunsu.

Mun daɗe muna ɗaukar wannan a matsayin rashin sa'a da mutane. Daga baya muka gane cewa ƙofofi ukun nan inuwa ce ta tsari uku da duniya ta sani wajen tafiyar da gari, kuma kowace inuwa an cire mata abin da ke sa ainihinta yin aiki. Tunda ƙasa za ta sake zama wata rana ta rubuta dokar ƙananan hukumomi, ya kamata mu san abin da za mu nema kafin a rubuta a kawo mana.

Tsari na farko shi ne na magajin gari da majalisa. Jama'a su zaɓi mutum ɗaya kai tsaye ya riƙe zartarwa: shi ke naɗa shugabannin sassa, shi ke tsara kasafin kuɗi ya kai gaban majalisa, majalisa kuma ta amince ko ta gyara, ta kafa dokokin gari, ta sa masa ido. Haka New York da Chicago suke, haka kuma ƙananan hukumomin Najeriya suke a bisa takarda, inda ake zaɓen ciyaman daban da kansiloli daban. Na biyu shi ne na majalisa da manaja. A nan jama'a kansiloli kawai suke zaɓa, kansilolin su ɗauki ƙwararren ma'aikaci haya ya tafiyar da ofis, kamar yadda masu gona ke ɗaukar wakili. Idan ya gaza su sallame shi da ƙuri'ar rinjaye, ba sai an jira zaɓe ba. Na uku shi ne tsarin lajnoni, wanda Hausar Najeriya ke kira kwamitoci: babu mutum ɗaya mai zartarwa, majalisa ce ke raba kanta gida-gida, lajnar kuɗi, lajnar lafiya, lajnar ayyuka, lajnar ilimi, kowace ta yanke hukunci a fanninta, ma'aikata su aiwatar. Wannan shi ne tsohon tsarin Ingila.

Kuma shi ne aka fara kawo mana. A 1949 wani Bature mai suna Marshall, ma'ajin birnin Coventry, ya rubuta rahoto kan mulkin ƙananan hukumomi a Sudan, aka gina dokar 1951 a kansa. Manufar ita ce a riƙa karɓe iko mataki-mataki daga hannun mufattishi, wanda a Kano ake ce wa Di'o, a miƙa wa majalisun birni da na karkara masu kasafin kansu da lajnoninsu, tare da jami'in zartarwa da ke yi musu aiki. Iyayenmu sun ga wannan zamani. Ba za mu yi masa ado ba, domin a majalisun karkara nazirai da umdodi da manyan masu hawasha ne suka cika kujeru, Bahaushe mai tsinkar auduga kuwa ba a ma lissafa shi ɗan ƙasa ba. Amma akwai abu ɗaya da majalisar wancan lokaci ta mallaka wanda ba mu sake gani sosai ba: kuɗin da aka tara a yankin, ita ke yanke inda zai tafi.

A 1971 gwamnatin Numairi ta kawo dokar mulkin jama'a, ta rushe sarautun gargajiya a mafi yawan arewacin ƙasar, ta kafa dubban majalisu tun daga ƙauye da unguwa har sama. A ido abin ya yi kama da faɗaɗa shawara. A aikace kasafi ya tattara a majalisar lardi, ƙarƙashin muhafiz da shugaban ƙasa ke naɗawa, ƙananan majalisun suka zama wuraren rubuta buƙata da rabon sukari. Dokar 2003 ta zo da mahalliyya da mu'utamad a kanta, da majalisar dokoki a gefensa. Mu'utamad yana da kusan duk ikon magajin gari mai ƙarfi, sai dai babu ɗayanmu da ya taɓa jefa ƙuri'ar zaɓensa. Daga sama ake naɗo shi, daga sama ake ɗauke shi, don haka fuskarsa kullum tana duban sama. Bayan faɗuwar Bashir a 2019 aka kawar da mu'utamadai, mudiran zartarwa suka riƙe mahalliyyoyi, aka rushe tsofaffin lajnonin jama'a aka kafa lajnonin sauyi da hidima. To wannan fa manaja ne ba tare da majalisar da za ta ɗauke shi ko ta sallame shi ba, da lajna ba tare da jakar kuɗi ba. Ga ma'anar wasiƙarmu uku ke nan.

Saboda haka idan wani ya ce mun gwada duka ukun sun gaza, amsarmu ita ce ba mu gwada ko ɗaya ba, in ban da ɗan abin da aka taɓa a shekarun 1950. Tambayar tana nan sabuwa, kuma muna so mu auna ta da ma'aunin da ya shafe mu: mutanen da ba su da rinjaye a kowace mahalliyya, waɗanda ƙauyukansu ke warwatse a bakin kogi da gefen tur'o'i, wane tsari ne zai sa a ji su a ranar rabon kuɗi?

Bari mu ƙaddara wata mahalliyya, ba ta gaske ba, don lissafi ya fito fili. A ce masu ƙuri'a 100,000 ne, Hausawa a ciki 15,000, majalisa kuma kujeru 20, wato kowace kujera tana kan mutum 5,000. Tankin ruwanmu yana jiran a sa shi a kasafin shekara.

A tsarin magajin gari, darajar ƙuri'unmu 15,000 ta dogara ne kacokan ga yadda sauran 85,000 suka rabu. Idan 'yan takara biyu suka yi kankankan, wannan 45,000 wancan 40,000, to mu ne masu naɗa sarki, kowa zai zo zauren dattijonmu ya sha shayi, tankin kuma zai shiga alkawari. Wannan shi ne abin da ke jan hankalin samarinmu ga tsarin, kuma ba su yi kuskure duka ba. Ƙofa ɗaya ce, mutum ɗaya ne, in ya yi an san shi ya yi, in ya ƙi an san wanda za a kayar. A lokacin sake gina abin da yaƙi ya rusa, saurin yanke hukunci ba ƙaramin abu ba ne. Amma a juya lissafin. Idan ɗan takara ɗaya yana da 60,000 daga danginsa da ƙawayensu, ba ya bukatarmu ko kaɗan, kuma zai riƙe alƙalami shekara huɗu cur. Abin da ya fi wannan muni, kuma mun gan shi da idonmu ko ba a ƙarƙashin wannan suna ba, shi ne ɗan takarar da zai gano cewa hanya mafi arha ta haɗa kan 60,000 ita ce ya nuna musu 15,000 da yatsa ya ce baƙi ne. Kujera ɗaya tak da mai nasara ke kwashe komai da ita tana mayar da zaɓe ƙidayar ƙabilu. Wanda ya zauna a Rusairis ko Damazin a watan Yulin 2022, ko Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, ba ya bukatar a yi masa bayanin inda irin wannan ƙidaya ke kaiwa.

Akwai kuma darasin 'yan'uwanmu na Najeriya, masu ƙananan hukumomi 774. Ciyaman zaɓaɓɓe ne, amma shekara da shekaru gwamnoni na riƙe kuɗin a asusun haɗin gwiwa, suna rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ba ya bisa tsarin mulki. Mutum ɗaya ya fi majalisa guda sauƙin kamawa daga sama. Wali da ke son mahalliyya a aljihunsa wuya ɗaya kawai yake bukatar ya sa wa igiya.

Tsarin manaja an haife shi ne daga gajiya da irin wannan. Garin Staunton na jihar Virginia ya ɗauki manaja a 1908, amma wanda ya sa tsarin ya yi suna shi ne Dayton na jihar Ohio. Ambaliya ta cinye garin a Maris 1913, hukumar da ke nan ta kasa, mutane suka sake dokar garinsu, a farkon 1914 suka damƙa ofis ga wani injiniya mai suna Henry Waite, a ƙarƙashin zaɓaɓɓu biyar. Garin da ruwa ya rusa ya nemi mai sanin magudana da gada da lissafi, bai nemi mai iya jawabi ba. Duk wanda ya ga Madani bayan an fita daga cikinta a Janairun 2025, ko Sinja kafin nan, zai fahimci wannan tunani ba tare da tafinta ba. Ireland ma ta bi wannan hanya, ta fara da birnin Cork a 1929 ta game ƙasa da dokar 1940, kuma ta yi wani abu da ya cancanci koyi: doka ta jera ayyukan da aka keɓe wa zaɓaɓɓu, irin su amincewa da kasafi da cin bashi da kafa dokokin gari, duk abin da ya rage na yau da kullum, kamar ɗaukar ma'aikaci da ba da kwangila, na manaja ne. Kowa ya san iyakar gonarsa.

Yaya tankinmu zai kasance a nan? Manaja na gari ba ya tambayar wa ya zaɓe shi a ƙauyen, tunda ba wanda ya zaɓe shi. Yana duba jerin ƙauyuka, yawan mutanen kowanne, nisan ruwa mai tsabta, adadin masu zuwa shifahana da ciwon ciki, ya jera su bisa tsananin bukata. A irin wannan ma'auni ƙauyukanmu ba sa bukatar alfarma, halin da suke ciki ya ishe su hujja. Marar rinjaye ya fi samun haƙƙinsa a wurin ƙa'ida rubutacciya fiye da wurin alheri na mai mulki, domin ana iya kama ƙa'ida a ce ga abin da kuka rubuta.

Sai dai a Dayton ɗin nan akwai tarko, kuma shi ne abin da muka fi so mai karatu ya riƙe daga wannan rubutu. Zaɓaɓɓun biyar ba daga unguwanni aka zaɓo su ba, gari duka ne mazaɓa ɗaya, kowa ya zaɓi dukkan kujerun. Jam'iyyar ma'aikata 'yan gurguzu ta garin ta riƙa samun kaso mai kauri na ƙuri'u a shekarun farko, ta tashi ba ta da kujera ko ɗaya. A mayar da wannan kan mahalliyyarmu ta misali: in aka ce duk mahalliyya mazaɓa ɗaya ce, masu 60,000 za su kwashe kujeru 20 duka, mu da 15,000 mu tashi da sifiri. In aka yanka mazaɓu bisa ƙauyuka, kuma ƙauyukanmu da ke jere a bakin ruwa suka faɗa tare, muna iya samun kujera biyu ko uku. In kuma mai yankan ya so mu da sharri, sai ya tsaga kowane ƙauye namu ya liƙa shi ga babban maƙwabci, 1,500 a nan 2,000 a can, mu sake komawa sifiri alhali an ce an yi mazaɓu. Baƙaƙen fatar Amurka sun yi shekaru suna shari'a a kan wannan kafin a gyara dokar haƙƙin zaɓe a 1982 ta yadda za a iya ƙalubalantar tsarin da ke narkar da ƙuri'ar marasa rinjaye. Manajan da majalisarsa ba ta da ko mutum ɗaya daga cikinmu bawan masu rinjaye ne mai takardar shaida. Zai hana mu cikin ladabi, ya kuma nuna mana sashen dokar da ya dogara da shi.

Mun san wannan ladabi. Wanda aka taɓa ce wa ya kawo shaidar kakan kakansa kafin a ba shi lambar ɗan ƙasa, alhali kakan nasa yana kwance a maƙabartar Mai Wurno tun zamanin da ake gina madatsar Sinnar, ya san cewa ma'aikaci ma yana da ƙabila, kuma ƙa'ida tana da hannun da ke karkata ta. Don haka ba mu ce manaja mala'ika ne ba. Abin da muka ce shi ne ana iya sallamarsa ranar Talata idan kansiloli goma sha ɗaya suka yarda, magajin gari kuwa sai wa'adinsa ya cika.

Saura lajnoni. An fi zarginsu da jan ƙafa, kuma zargin gaskiya ne. Tankinmu zai fara daga lajnar ayyuka, ta tura wa lajnar lafiya ta tabbatar da bukata, ta dawo, a kai lajnar kuɗi, ta ce a jira rubu'in shekara mai zuwa, sannan majalisa duka ta zauna. In abu ya lalace ba ka samun wanda za ka kama, kowa ya ce lajna ce ta yanke. Saboda irin wannan ne Ingila, uwar tsarin, ta tilasta wa manyan majalisunta barinsa da dokar shekarar 2000. Abin lura shi ne ta sake buɗe ƙofarsa a 2011, kuma mutane suka koma da ƙafarsu: Sheffield ta zaɓi lajnoni a ƙuri'ar raba gardama ta 2021, bayan rikicin sare itatuwan tituna da 'yan tsirarun shugabanni suka yanke ba tare da sauraron kowa ba, Bristol, wadda ta zaɓi samun magajin gari a 2012, ta soke kujerar a 2022 ta koma lajnoni a 2024. Kukansu ɗaya ne, cewa kansilan da suka zaɓa ya zama ɗan kallo, hukunci yana hannun mutum ɗaya ko goma.

Ga marar rinjaye, wannan jan ƙafar yana da wata fuska. A majalisa mai mutum 20, kansilolinmu uku ƙuri'a uku ce cikin ashirin, ana iya wuce su kullum. Amma a raba majalisar lajna huɗu ta mutum biyar-biyar, sai ga namu ɗaya cikin biyar a lajna uku. A ɗaki mai mutum biyar ba a wuce mutum cikin sauƙi: yana ganin takarda tun tana ɗanya, yana tambayar injiniya ido da ido, kuma duk ranar da sauran huɗun suka rabu biyu da biyu shi ne mai yankewa. A nan ake cinikin da siyasar gari ta ginu a kai, ka goyi bayan gyaran makarantar ƙauyena in goyi bayan tankinka. Dokar Ingila ta 1989 ta wajabta a raba kujerun lajnoni gwargwadon ƙarfin kowace ƙungiya a majalisa, don kada masu rinjaye su cika lajnar kuɗi da nasu su tura saura lajnar maƙabartu. In babu irin wannan sharaɗi, tsarin lajna ba ya amfana mana komai.

Ra'ayinmu, bayan duk wannan, shi ne a haɗa biyu a bar ɗaya. Majalisa zaɓaɓɓiya bisa mazaɓun ƙauyuka, mai lajnoni kaɗan, uku ko huɗu, waɗanda aikinsu tsara kasafi da bin sawun kuɗi. Manaja ƙwararre da majalisar ke ɗauka da kwantiragi na shekaru sanannu, ita kuma ke sallamarsa. Shugaban majalisa kuwa kansiloli su zaɓe shi daga cikinsu ya jagoranci zama ya tarbi baƙi, kamar yadda majalisun Nijar ke zaɓen magajin gari daga cikinsu kafin sojoji su rushe su a 2024. Lajna ta yanke abin da za a yi, kada ta sa hannu a wa za a ba kwangila ko wa za a ɗauka aiki, domin nan ne lajnoni ke ruɓewa. Wannan bai yi nisa da abin da ƙasar ta sani ba. Jami'an mulki ƙwararru suna nan tun zamanin Marshall, mudirin zartarwa yana nan a kowace mahalliyya. Abin da za a sauya jumla ɗaya ce a doka: wa ke naɗa shi, wa ke cire shi. Muddin amsar ita ce wali, to sunan tsarin ko me aka kira shi ado ne.

Za a ce mana majalisar da za ta iya korar manaja kowane lokaci za ta mayar da shi ɗan amshin shata, ko ta riƙa canja manaja kamar riga. Haɗarin yana nan, kuma ana gane shi da alama bayyananniya: in ka ga mahalliyya ta yi manaja uku cikin shekara huɗu, to kansiloli ne ke neman wanda zai ba 'yan'uwansu kwangila. Maganin da aka saba shi ne a wajabta sanarwa a rubuce da dalili, a ba shi damar kare kansa a zaman da jama'a ke halarta, ƙuri'ar kuma ta zama ta rinjayen dukkan kujeru, ba ta waɗanda suka halarta kawai ba. Alamar kishiyar cutar ita ma a fili take: in kasafi ya iso majalisa kwana biyu kafin wa'adi, a ɗaure, aka ce a sa hannu ko albashi ya tsaya, to manaja ya haɗiye majalisarsa.

Akwai magana mai nauyi da ba za mu kauce mata ba, ko da yake mu masu hidimar zauren dattijo ne, kuma abincinmu daga nan yake. Shekarun nan ƙarfinmu da yawa ya tafi wajen neman sarauta a cikin tsarin gargajiya, kuma neman imara a Nilu Shuɗi yana cikin abin da aka fake da shi aka zubar da jinin mutanenmu a 2022. Ba mu ce neman laifi ne ba; al'ummar da ta kafa Mai Wurno tun farkon ƙarnin da ya wuce, bayan Burmi, ba baƙuwar sarauta ba ce, kuma sulhu da shari'ar gona da aure suna bukatar dattijo mai hatimi. Amma sarauta a ƙasar nan ɗaure take da mallakar ƙasa, shi ya sa duk wanda ya neme ta ake jin kamar ya zo karɓar gonar wani. Kujerar kansila ba ta ɗaure da wannan. Hujjarta zama a wuri da biyan haraji, kuma wannan hujja ba mai iya ƙwace mana ita. Umda ba ya buɗe babi a kasafi. Ɗan lajnar kuɗi yana buɗewa. A Nijar, kafin a rushe majalisun a 2024, sarakuna sun kasance suna zama a majalisar gari su ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba, kuma muna ganin wannan matsayi ya fi kare mutuncin rawani fiye da jefa shi cikin rabon kwangila.

Sannan akwai waɗanda duk wannan muhawara ba ta kai gare su ba tukuna. Mazauna kambo a cikin aikin Jazira, Hausawa da 'yan Darfur da sauransu, da yawansu suna zaune ne a wuraren da ba a yi musu rajistar ƙauye ba, a gefen tur'a, a kan ƙasar da take ƙarƙashin hukumar aikin noman. Wurin da ba ya cikin taswira ba ya cikin jerin manaja, ba ya cikin mazaɓar kansila, magajin gari ma ba zai gina makaranta a inda takarda ta ce babu kowa ba. A mahalliyyarmu ta misali, in 6,000 daga cikin 15,000 ɗin nan a kambo suke kuma ba a ƙidaya su a inda suke kwana ba, kujerunmu uku sun koma biyu ko ɗaya tun kafin a buga ƙuri'a. Don haka sashen dokar da ya fi kowanne muhimmanci gare mu wataƙila ba ya cikin babin magajin gari ko na manaja. Yana can cikin babin da ba mai karantawa, inda aka faɗi wane ne mazaunin mahalliyya, wace hukuma ce ke yanka mazaɓu, kuma a gaban wa ake ƙara idan ta tsaga ƙauye biyu.

Dattijonmu ya umarce mu mu sake rubuta wasiƙar tankin karo na huɗu, mun kuma rubuta. Da muka zo saman takardar muka tambaye shi sunan wa za a sa. Ya yi shiru, sannan ya ce a bar wurin fari tukuna, a fara aika yaro Sinnar ya tambayo wa ke riƙe da ofishin a wannan wata.